Na Allah da Gonar Jingina

Duk wanda ya san Na Allah zai gaya maka mutum ne mai ƙwazo. In ya rage murya kuma, zai ƙara da cewa ba ya son a yabi wani a gabansa. Ba mugu ba ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma in gawa ta faɗi a ƙauyensu shi ne na farko da zai ɗauki gatari ya nufi maƙabarta. Amma ka ce hatsin wane ya yi kyau bana, sai ya ce ai a kwari yake. Ka ce ɗan wane ya ci jarrabawa, sai ya ce bana kowa ma ya ci. Haka Allah ya yi shi, mutanen ƙauyen nasu da ke arewa da Urafane kuma sun saba.

Abin yana da tushe. Mahaifinsa, Sidi, baƙo ne daga arewa. Fari ya cinye masa dabbobi, ya gangaro da sandarsa da butarsa, ya zauna, aka ba shi auren Salamatu 'yar gari. Gonar da aka yanka masa wata 'yar jigawa ce da iska ke kwashe wa yashi. Gonakin kirki na dangin Salamatu suna hannun ƙanenta, don ita ta bar masa kasonta kamar yadda matan lokacin suke yi. Ɗan wannan ƙanen shi ne Hashim. Ka ga Na Allah da Hashim taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, sa'o'in juna, kwano ɗaya suka ci tuwo. Sai dai tun suna yara Na Allah ya lura cewa in an tafi gona, Hashim yana zuwa tasu ce, shi kuwa yana zuwa taya kawu aiki.

Da suka kai shekara talatin, Na Allah ne ya fara ƙudurta tafiya Libiya. Ya turke wani sa, ya yi masa hidima kamar ɗa, ya kai shi kasuwa ya sayar jika ɗari da ashirin, wato sefa dubu ɗari da ashirin. Har ya ɗinka aljihun ɓoye a cikin wandonsa. Sai ciwo ya kwantar da Salamatu, ta kama hannunsa ta ce in ya tafi ba ta yafe ba. Ana cikin haka Hashim, wanda bai taɓa turke ko akuya ba, ya ce shi ma tafiyar yake so. Kuɗin mota ne ba shi da su, amma yana da gonar da ya gada. Aka je gaban maigari da shaidu, Na Allah ya miƙa kuɗin sa, Hashim ya miƙa gona jingina. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani: Na Allah ya noma ya ci, ran da Hashim ya maido kuɗin kamar yadda ya karɓa, ba ƙari ba ragi, gona ta koma ga mai ita, muddin ba shuka a cikinta.

Na Allah ya raka shi har tasha. Motar ta tashi, ya tsaya yana kallon ƙurarta, yana ji a ransa cewa mazauninsa ne aka zauna a cikin motar nan. Wannan jin bai sake shi ba shekara goma sha biyu.

Gonar kuwa a lokacin ba abin faɗa ba ce. Ta gaji, wuta-wuta ta cinye ta, dami talatin take bayarwa in damina ta yi kyau. Na Allah ya zuba mata duk haushinsa. Da rani yakan kira dangin ubansa su sauka a cikinta da raƙuma da awaki, ya ba su hatsi su bar masa taki. Sharar gida da toka duk can yake kai su a amalanke. In yana sassabe ba ya tumɓuke tohon itace, sai ya zaɓi mai ƙarfi ya gyara shi ya bar shi ya tashi. Har faɗa ya yi da masu saran itace a kan wani ɗan gawo da bai kai gwiwa ba. Yau gawon nan mutum biyar za su sha inuwarsa da rani, kuma yana da 'yan'uwa sun fi ashirin. Gonar da ake kira ta Hashim a hankali ta koma ta Na Allah a bakin mutane. Da ita ya binne uwarsa cikin rufin asiri, da ita ya ciyar da matarsa Habsatu, 'yar wajen Mayahi, da 'ya'yansu shida.

Labarin Hashim kuma yana zuwa jefi-jefi. An ce yana aikin garka, wato lambu, an ce ya koma gini a bakin teku, an ce an kama shi an sake shi. Matarsa ta gaji da jira aka raba auren. Wani lokaci a shekara biyu ba a ji muryarsa ba, sai kuma hoto ya zo a wayar wani, ga shi tsaye jikin wata farar mota. Na Allah yakan karɓi wayar ya duba da kyau, ya ce, "Motar ai ba tashi ba ce." Gaskiya ya faɗa, amma daren ran nan ba ya cin tuwo da daɗi.

Sai ga Hashim ya sauka, bayan an gama noman fari, hatsi ya kai ƙwauri. Farar jallabiya, agogo, jakunkuna biyu masu taya, fata ta yi sumul. Gari ya ɗauka. Kafin la'asar kuɗin da ya zo da su sun kai miliyan biyar a bakin mata wajen rijiya, kafin magariba sun kai goma. Gidan ubansa ya zube, don haka a zauren Na Allah aka yi masa shimfiɗa, daga tukunyar Habsatu kuma ake zuba masa. Na Allah ya rungume shi, har da hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne. Amma yana rungume da shi yana shaƙar turarensa, kishi yana cin sa. Mutanen da ba su taɓa taka zaurensa ba sun cika shi, ba kuma dominsa ba. Ga tsoro a kan kishin: jika ɗari da ashirin wajen mai miliyoyi ai kuɗin goro ne. Abin da ya tsare masa gonar kawai shi ne shukar da ke cikinta. Da an yi girbi, shi ke nan.

Da mutane suka ragu aka kawo tuwo, Hashim ya wanke hannu ya ce, "Taubashi, dama ina son mu yi maganar gonag ga."

Na Allah ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya yi maza ya tura masa kwano. "Haba ɗan Libiya, ko ƙurar hanya ba ka kakkaɓe ba? Ci tuwo. Gona ba ta gudu."

"Magana ce 'yar kaɗan."

"Ko mi ce ce ta jira kaka. Ci, kar shi huce."

Hashim ya yi dariya ya ci. Sau biyu bayan nan ya sake ɗauko zancen, sau biyu Na Allah ya tuna da wani aiki na gaggawa. Daga nan Hashim ya bari.

Ba a daɗe ba aka gane cewa kan Hashim yana nan a shekarar da ya tafi. Ya miƙa wa Habsatu jika biyu ya ce ta yi musu cefanen sati, har da nama. Ta juya kuɗin a hannu, ta dube shi ta ga ba wasa yake ba, ta fashe da dariya.

"Ɗan Libiya, wanga ai tiya biyu ce ta hatsi."

"Tiya biyu? Ni da na bar tiya dala saba'in?"

"To, ta yi girma bayanka. Yanzu jika ce cif, sai sabo ya shigo."

Jika kuwa dala ɗari biyu ce. Hashim ya rantse ana cutar mutane. Ya je Urafane ran kasuwa ya yi ciniki da mai sukari har muryarsa ta dushe, yana ganin don an ga jallabiya ne ake tsuga masa. Ya taya akuya da farashin da, mai akuyar ya tambaye shi ko ƙafa ɗaya yake so. Samari suka sa masa suna Farashin Da. Na Allah ya fi kowa dariya, kuma a cikin dariyar nan dabara ta zo masa. Mutumin da bai san kuɗin sukari ba, kuɗinsa ba za su daɗe a hannunsa ba. In har suka shige wata sana'a kafin kaka, suka nutse a can, da me zai fanshi gona?

Tun daga ran nan Na Allah ya zama babban mai ba da shawara. Da ma masu shawarar ba su yi kaɗan ba, don duk wanda ya sha shayin Hashim sai ya bar masa dabara. Wani ya ce ya buɗe wurin cajin waya, alhali rabin gidajen garin sun kafa ɗan faranti mai kama hasken rana a kan rufi. Wani ya ce ya turke raguna don Layya, bai faɗa masa kuɗin buhun dusa ba. Liman ya ce ya fara da gyaran masallaci. Amma Na Allah ya fi su naci, shi da safe da yamma yake yi. Ya kawo injin niƙa, aka tuna masa akwai biyu a garin, ɗaya ma a rufe saboda tsadar gazuwal, man da injin ke sha. Ya kawo shago. Ya kawo sayen fili a Tasawa a gina ɗakunan haya. Da ya ga Hashim yana jan ƙafa, sai ya kawo wadda ya san ta fi kowace cin kuɗi.

"Kai hwa, gwauro za ka zamna? Ka yi aure mana. Kuma ba auren ɓoye ba, wanda za a san ɗan Libiya ya dawo."

"Ɗan mace, kai kullum da kuɗin wani kake da kyauta," in ji Hashim. Aka yi dariya, Na Allah ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Mutum ɗaya ce ta ba Hashim shawara don Allah. Habsatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce masa, "Ni in ka ji tawa, kar ka taɓa kuɗinka yanzu. Ka jira kaka, wake ya hwaɗi, ka saya ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, ka ɗaure da kyau, ƙwaro ba ya taɓa shi. In bazara ta yi ka hitar. Haka yayana yake yi a Mayahi. Wata shekara riba, wata shekara a tashi ba ci ba asara, amma uwar kuɗi tana nan."

Hashim ya ce wannan magana ce. Na Allah kuwa ji ya yi kamar ya haɗiye ta. A jira kaka! Bayan baƙon ya fita ya tare ta a bakin rumbu.

"Wa ya sa ki? Ke kin san abin da kaka za ta zo muna da shi?"

"Na sani, Malam. Amma mutum yana cin tuwona in ba shi shawarar banza? Ka zamna ku yi magana mana, ɗan'uwanka ne. Ka ji mi yake so."

"Na san abin da yake so," in ji Na Allah, ya juya ya bar ta.

Kuɗin kuwa suna ta zuba, Na Allah yana kallo yana jin daɗi, yana kuma jin haushi. Tsaraba, gudummawar suna, rancen da ba a biya, maganin wance, kwanon rufin ɗaki ɗaya da Hashim ya tayar a gidan ubansa. Daɗin shi ne suna raguwa. Haushin shi ne kowace jika da ta fita sai ta dawo wa Hashim da yabo. Tsofaffi suna sa masa albarka, mata suna cewa hannunsa a buɗe yake. Shi kuwa Na Allah da ya shekara goma sha biyu yana haƙa kabari yana kai mara lafiya likita a amalanke, ba wanda ya taɓa ce masa komai sai sannu.

Da hatsi ya fara fitar da kai, Na Allah ya ga lokaci yana ƙurewa, ya tattara ƙarfinsa a kan moto, wato babur. Kabu-kabu, in ji shi, ita ce sana'ar zamani: daga ƙauye zuwa Urafane, daga Urafane zuwa Tasawa, kullum da kuɗi a aljihu. Bai faɗi cewa samarin da ke yi sun fi fasinja yawa ba, bai kuma faɗi yadda yashin hanyarsu ke cin inji ba. Hashim ya lissafa da farashin da ya sani, moto jika ɗari uku, ya ga zai saya har ya yi saura. Suka shirya suka tafi Tasawa.

Tun a mota Hashim ya fara faɗa da kwandasta a kan kuɗin mota. A Tasawa kuma abin ya fi ƙarfin faɗa. Inda ya bari gonaki ne yanzu gidaje ne har ido ya gaji. Suka tambayi wani dillali kuɗin fili a bayan gari, can inda ko ruwa bai kai ba, ya faɗi abin da ya sa Hashim ya ce, "A'a, ɗaya nake tambaya." Dillalin ya ce ai na ɗayan ya faɗa. Suka wuce masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba a bakin hanya, Hashim ya tambaya, aka ce lita dala ɗari da arba'in. Ya bar ta dala sittin.

Mai sayar da moto, wani Mutari, ya karɓe su hannu biyu. Ya goge wa Hashim kujera, ya ce masa Alhaji. Sabuwa dal, da ledarta, jika ɗari biyar da tamanin, ban da takardu.

"Ka saya kawai," in ji Na Allah. "Gobe ƙara kuɗi za ta yi. Ko ba haka ba, Mutari?"

"Wallahi wadda za ta zo bayan wagga ba ta zo haka ba."

Hashim ya shafa tankin moton, ya murɗa hannunta, har ya kai hannu ƙugunsa inda kuɗin suke. Sai Hashim ya ce yunwa yake ji, bari su ci wani abu ya yi sallar azahar, sannan su dawo a ƙare.

Suka zauna a kan benci wajen mai shinkafa kusa da tasha. Hashim ya yi loma biyu ya ajiye cokali. Ya daɗe yana kallon motoci, sannan ya yi magana ba tare da ya dubi Na Allah ba.

"Taubashi, kai kaɗai zan hwaɗa ma. Miliyoyin da ake cewa, babu su. Da jika ɗari tara na shigo garin ga. Abin da ya rage ɗari shida ne da 'yan kai. Shi ke nan shekara goma sha biyu. Sau biyu ana tare mu a kwashe na hannu. Can ina kwance ina lissahi, in na zo zan sai hili, in sai moto, in yi aure, in aje saura. Ashe ɗaya ma da ƙyar. In na ba Mutari, ko na isansi ban da shi."

Wani mutum da tausayi zai ji. Na Allah ma ya ji, ɗan kaɗan, can ƙasa. Amma abin da ya taso ya rufe shi wani daɗi ne da bai taɓa jin irinsa ba. Ashe babu! Ashe jallabiyar ce kawai! Shekara goma sha biyu yana ganin an tafi da rabonsa, ashe shi ne ya ci riba. Daɗin ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi, kuma ba wanda yake son ya sani duk duniya sai wannan da ke zaune kusa da shi. A nan ne bakin da ya tsare tun saukar Hashim ya kuɓuce masa.

"To ka gani? Ku kuna ganin mu da munka zamna wawaye ne. Ɗari shida! Ni bara dami ɗari da goma na ɗaure, ban da wake, ban da harawa. 'Ya'yan gawo kaɗai da na saida sun yi wa yara kayan salla. Ka san gonar Isma'ila ta bakin hanya, wadda ko rabin ƙarhin tawa ba ta da shi? Miliyan ɗaya da rabi wani ɗan kasuwa ya saye ta. Miliyan da rabi! Yanzu ƙasa ita ce kuɗi, ɗan Libiya. Wanda ya riƙe gona shi ya yi tahiya."

Ya ƙare yana haki, yana murmushi. Sai ya lura Hashim ya juyo yana kallonsa, ba da fushi ba, irin kallon mutumin da aka tashe shi daga barci.

"Miliyan da rabi," in ji Hashim a hankali. "Gona."

"Wato, ka san mutane da ƙari," in ji Na Allah. "Ni ma ji na yi."

"Dami ɗari da goma kuma, a gonar baba."

Ba su koma wajen Mutari ba. A mota Na Allah ya yi ta kawo zancen moto, har ya ce zai ranta masa kuɗin isansi na wata guda, shi da ba a taɓa jin ya ranta wa kowa ba. Hashim ya ce Allah ya saka. Washegari da sassafe aka gan shi yana zagaya gonar shi kaɗai, yana tsayawa a gindin kowane gawo. Ya cire jallabiya, ya daina sayen shayin masu zaman hira, masu shawara suka watse. Na Allah ya yi girbin bana kamar mai zaman makoki, ga shi kuwa hatsin ya fi na bara.

Bayan an kwashe dami na ƙarshe an ɗaure kara, maigari ya aiko. Shaidu biyu daga cikin na farko suna raye, suka zo. Ba a yi doguwar magana ba, don ba abin da za a yi gardama a kai. Hashim ya ajiye jika ɗari da ashirin a kan tabarma. Na Allah ya ce, "Allah shi ba ka nasara, itacen da na raina hwa? Takin hwa?" Maigari ya ce ya san wahalar da ya sha, kowa ma ya sani, amma itace na ƙasa ne, taki kuma ya ci amfaninsa shekara da shekaru. Karan bana da harawa nasa ne, ya kwashe. Aka shafa fatiha.

A hanyar gida Hashim ya cim masa. Suka jera har suka kai bakin rijiya.

"Ba don in ɓata maka rai na yi ba," in ji Hashim. "Na duba ko'ina, komi ya tashi ya bar ni. Abu ɗaya na iske inda na bar shi, shi ne wanga. In ban kama shi ba na tashi a banza. Sauran kuɗin wake zan saya, yadda Habsatu ta ce."

Na Allah ya ci gaba da tafiya, Hashim ya bi shi.

"Amma akwai abin da ke damuna. Ran da na sauka, da na ce mu yi maganar gona, ka san mi zan ce? Cewa zan yi ka cika mani jika talatin ka riƙe ta har abada, mu je gaban maigari a shaida. Ni a sanina kuɗinta ke nan, gonar dami talatin. Ban da niyyar noma, Tasawa nake son zama. Sau uku ina ɗauko maganar kana ce mani in ci tuwo."

Na Allah ya tsaya cak. Jika talatin. A ranar da ake maganar yana da tumaki biyu a turke da za su biya har a yi canji. Ya buɗe baki ya ce ƙarya ne, sai ya dubi fuskar Hashim ya ga ba ƙarya ba ce.

"Da ka saida mani haka, da ka gane daga baya ai da ka ce na cuce ka," ya ce da ƙyar.

"Da na ce. Amma da ta zama taka."

Na Allah yana nan a ƙauyensu, ya koma jigawar Sidi, yana kai mata toka a amalanke, ya fara barin toho. Rumbunsa na bana zai kai su wata damina, bayan nan sai abin da Allah ya yi. Hashim yakan zo ya tambaye shi yadda ake sassabe ba a kashe itace ba, yana kuma gaya masa, don ba zai iya ganin an lalata gawon nan ba. Har yanzu in aka ce hatsin Hashim zai yi kyau, yakan ce ai takin wani ne, kuma wannan karon ba wanda ke musa masa.

Kuɗin kuwa, ran kasuwar Urafane ya ɗaure su a aljihu ya shiga wajen shanu, wai ko zai maida sansa. Ya san farashi sarai, shi ba daga Libiya ya dawo ba, amma ya je. Ya tsaya gaban wani jan sa mai tozo, kamar wanda ya sayar, ya tambaya. Dillali ya ce jika ɗari huɗu. Na Allah ya ce ɗari da ashirin gare shi. Dillalin ya kama hannunsa ya ja shi can gefe, ya nuna masa wani ɗan maraƙi da bai daɗe da barin nono ba.

Da shi ya koma gida. Habsatu ta fito ta dubi maraƙin, ta dubi mijinta. Ta shiga ta ɗebo harawar gonar Hashim, ta ƙarshe da za su samu, ta zuba masa.